Kuɗin da nake turawa ƙanena duk wata: kyauta ne, bashi ne ko albashi?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina neman shawara daga waɗanda suka san harkar haraji. Ina da ɗan injin casar shinkafa a nan gefen Kura, na yi masa rajistar sunan kasuwanci a CAC, ba kamfani ba ne, ni kaɗai ne mai shi. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya shi ne ke tsayawa a kan injin tun safe har magariba, shi ke awo, shi ke karɓar kuɗin casa, shi ke kula da yara masu dako, kuma duk ƙarshen wata ina tura masa N150,000 ta banki amma ba mu taɓa zama mun ce wannan albashi ne ba, kawai dai ina turawa. Bayan wannan bara na ba shi N2,000,000 ya sayi injin ban-ruwa ya kama fili na noman rani a kan in ya girbe ya biya, sannan da zai yi aure na ba shi N500,000 gudummawa. Toh yanzu da ake ta maganar sabuwar dokar haraji wani ya ce min duk abin da ya shiga akawun ɗinsa za a caje shi, wani kuma ya ce a'a ni za a caja. Ya zan rubuta kuɗin nan a littafina, kyauta ko bashi ko ladan aiki? Wanne ne ba zai jawo mana matsala ba?

Ɗan Auyo: Wa alaikumus salam. Alhaji abu mai sauƙi ne wlh, duk sanda za ka tura masa ka rubuta gift a wajen bayanin taransifa shikenan. Kyauta ba a biya mata haraji a Najeriya, ni haka nake yi da kowa har masu yi min aiki a gona.

Mai POS Ringim: Anya kuwa? Ai ko kyauta ce sai an cire, ni kullum ina gani, daga N10,000 zuwa sama sai sun cire naira hamsin ko uwarka ka turawa.

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mai POS wannan hamsin ɗin daban take, kuɗin hatimi ne da ke kan tura kuɗi ta banki, babu ruwanta da dalilin da ya sa ka tura, kuma ba ita Baban Khalifa ke tambaya ba. Shi harajin kuɗin shiga yake nufi.

Ɗan Auyo rabin maganarka daidai ne. Gaskiya ne babu harajin kyauta a ƙasar nan, an taɓa yin wata doka a 1979 da ta sa haraji a kan dukiyar da aka bayar kyauta ko aka bari gado amma an soke ta tun 1996, ita ma sabuwar dokar da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki 1 ga Janairun 2026 ba ta dawo da shi ba. Amma inda ka kauce shi ne zaton cewa abin da ka rubuta a wajen taransifa shi ne ke yanke hukunci. Mai haraji ba sunan da ka raɗa wa kuɗi yake dubawa ba, tambayarsa ita ce me aka yi maka ka bayar. In ka bayar ba a yi maka komai ba kuma ba ka jiran a dawo maka da shi, kyauta ce. In kana jiran a dawo da shi, bashi ne. In kuwa gumin mutum ka biya to lada ne ko da ka rubuta gift sau ɗari.

Baban Khalifa kuɗinka kala uku ne, kar ka zuba su a buhu ɗaya. N500,000 ta aure kyauta ce tsantsa, babu haraji a kansa babu a kanka. N2,000,000 bashi ne, shi ma babu. Ita N150,000 ta wata-wata ita ce abin magana, kuma bisa bayanin da ka yi da bakinka albashi ne.

Baban Khalifa: Nagode Baba Akawu Allah ya ƙara girma. Amma fa ni ban ɗauke shi ma'aikaci ba, ɗan'uwana ne, ko ba ya zuwa injin ai zan taimaka masa. Kuma in na ce albashi ne ba na jawo masa haraji kenan ba alhali in kyauta ce ba ya biyan komai?

Tsohon Akawu: Na fahimce ka, kusan duk gidajenmu haka ake, tun zamanin gandu ƙane yana aiki a ƙarƙashin yayansa ba tare da an yanka masa lada ba. Amma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, yau in ya ce ya bar injin ya tafi Kano neman wani aiki, za ka ci gaba da tura masa N150,000 cif duk ƙarshen wata? Kuma ba sai ka ɗauki wani ka biya shi ya tsaya a wajen ba? In amsar ita ce dole ka ɗauki wani, to kuɗin aikin ne.

Sannan abin da mutane ba su lura da shi ba, kiran sa kyauta kai yake cutarwa. Tunda sunan kasuwanci ka yi ba kamfani ba, hukumar harajin jiha ce ke da kai wato KIRS, kuma a kan ribarka take lissafi ba a kan duk kuɗin da ya shigo ba. Riba kuwa sai an cire abin da ka kashe domin kasuwancin kaɗai, man gas, gyaran inji, buhuna, ladan ma'aikata. Albashin ƙanenka yana cikin waɗannan. Kyautar da ka yi wa ɗan'uwa ba ta ciki, wannan hidimar gidanka ce, daga aljihunka take fita bayan an gama lissafin haraji.

Bari mu ɗauki misali tunda ban san ribarka ba, a ce bayan ka cire komai banda kuɗin ƙanenka ta rage N6,000,000 a shekara. A sabuwar doka N800,000 ta farko babu haraji, N2,200,000 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, abin da ya haura miliyan uku har zuwa miliyan goma sha biyu kashi 18. In ka ce kyauta kake ba shi to duka miliyan shidan ake lissafa maka, N330,000 a mataki na biyu da N540,000 a na uku, ya kama N870,000.

In kuwa ka rubuta albashi, N150,000 sau goma sha biyu N1,800,000 kenan, ribarka ta sauko N4,200,000, harajinka ya koma N546,000. Shi kuma ƙanenka a cire masa N800,000 ta farko, saura miliyan ɗaya a kashi 15, N150,000 a shekara wato N12,500 a wata. Ka haɗa naka da nasa N696,000. Ka ga gidanku ya rage N174,000 ta hanyar faɗin gaskiya kawai. Dalili shi ne kuɗin ya bar hannunka inda ake cajinsa kashi 18 ya koma hannun wanda nasa na farko babu haraji sauran kuma kashi 15.

Ɗan Auyo: Toh fa. Ni wlh ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma Baba in haka ne ai sai ya sa matarsa da ƙannensa duka a albashi kowa dubu saba'in saba'in ribar ta ƙare kowa ya huta, tunda na ji an ce mai mafi ƙarancin albashi ba ya biya.

Tsohon Akawu: Eh wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, N70,000 a wata, ba ya biya, wannan gaskiya ne. Amma abin da ka kawo shi ne ainihin abin da masu bincike ke nema in sun buɗe littafi. Doka ta ba su dama in suka ga mu'amala tsakanin 'yan'uwa wadda aka ƙirƙira don a rage haraji su yi watsi da ita su yi lissafi kamar ba a yi ta ba. Za su tambaya matar nan wane aiki take yi a injin, yaushe take zuwa, wa ya taɓa ganinta. In babu amsa sai a mayar da kuɗin cikin riba a ɗora tara. Albashi sai wanda ya yi aikin, kuma daidai abin da za ka ba bare in shi ne a wajen. Wannan ta biyun ta shafi Baban Khalifa ma. In masu tsayawa kan inji irin naka a Kura N100,000 ake ba su kai kuma kana ba shi N150,000 saboda ɗan'uwanka ne, to abin da ya fi tsafta ka raba, N100,000 albashi daga kuɗin inji, N50,000 taimako daga aljihunka, kuma kar ka tura su a haɗe.

Garba Direba: Ni dai ina karanta ku ina mamaki. Wai wa ke zuwa ƙauye yana duba littafin mai injin casa? Mu abin da muka sani rasit ne a kasuwa da na ƙaramar hukuma da masu tare hanya, a yanka maka ka biya ka wuce. Duk wannan lissafin na 'yan birni ne masu aikin ofis. Kai Alhaji ka ci gaba da yadda kake yi, kai da kanka ka kai kanka ofishinsu ai ka tona wa kanka asiri ne.

Baban Khalifa: Malam Garba da ma haka ne da ban tambaya ba. An riga an kawo min takarda, kuma ina neman takardar shaidar biyan haraji saboda wasu da nake son in riƙa kai wa shinkafa sun ce sai da ita. Shi ya sa nake son in gyara littafin tun kafin in je.

Tsohon Akawu: Malam Garba akwai gaskiya a maganarka, da yawa ba a taɓa zuwa musu ba kuma wataƙila ba za a zo ba nan kusa. Amma wanda ba shi da littafi ba wai ya tsira ba ne, in aka zo ƙiyasi ake yi masa, a dubi girman injin a dubi abin da ke shiga akawun a yanka masa adadi, kuma ba shi da abin da zai yi musu da shi. Na ga wannan da idona a wajen wani mai sayar da taki, kuɗin da yayansa ya ranta masa na sari ya shigo akawun ɗin shago, da aka zo bincike aka lissafa shi cikin ciniki, yana ta rantsuwa bashi ne amma babu ko ƙyallen takarda, yayan kuma ya rasu. Sai da aka sha wahala sosai kafin a rage.

Malam Na Tsangaya: Assalamu alaikum. Ni abin da zan ce, bai halatta ka ba ɗan'uwanka zakka a madadin ladan aikinsa ba, wannan kare dukiyarka ka yi da haƙƙin talakawa. In ƙanenka mabuƙaci ne kuma ciyar da shi bai wajaba a kanka ba za ka iya ba shi zakka, amma ladansa daban ka biya shi cikakke.

Baban Khalifa: Allah gafarta Malam ba zakka nake nufi ba, harajin gwamnati ne. Zakkata daban nake fitarwa.

Malam Na Tsangaya: Toh madalla. Amma duk da haka maganar bashin nan na miliyan biyu, kun rubuta? Domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu, kuma ba a ce banda 'yan'uwa ba. Mu a nan mun fi ganin rigimar gado a kan irin wannan, yaya ya rasu 'ya'yansa su ce bashi ne ƙane ya ce kyauta ce.

Baban Khalifa: Gaskiya ba mu rubuta ba Malam, a gaban mahaifiyarmu dai aka yi maganar.

Tsohon Akawu: Malam ya riga ni. Takardar da shari'a ta ce a rubuta ita ce dai mai haraji zai nema, ba sai an je wajen lauya ba. Ku samu takarda ku rubuta ranar da aka bayar, nawa ne, don me, yaushe za a biya kuma ta yaya, babu ƙari a kai, ku sa hannu ku biyu da shaidu biyu. Tunda an riga an bayar bara kar ku sa tsohuwar rana kamar a lokacin aka rubuta, ku sa ranar yau ku ce muna tabbatar da bashin da aka bayar a rana kaza, ku haɗa da shaidar banki ta ranar. Sa ranar ƙarya in aka gano ya fi rashin takardar muni.

Shi bashi ba kuɗin shiga ba ne a wajen wanda ya karɓa tunda zai mayar, kuma ranar da ya biya ka kai ma ba riba ka samu ba, kuɗinka ne ya dawo. Amma ta ɗaya gefen ba za ka rubuta shi cikin abin da inji ya kashe ba. Abin da zai samu daga noman ranin kuwa wannan ribarsa ce, shi za a tambaya, za a haɗa ta da albashinsa a lissafin shekararsa.

Wuri biyu ake zamewa. Na farko in kuka ce a riƙa cire N50,000 daga albashinsa duk wata don biyan bashin, albashinsa bai zama N100,000 ba, yana nan N150,000 kuma a kansa ake lissafin haraji, ka rubuta ka biya shi duka sannan ya biya ka hamsin. Na biyu in noman bai yi ba, Allah ya kiyaye, ka ce ka yafe. In yafiya ce don Allah da zumunci ta zama kyauta, babu haraji a kansa amma kai ma ba za ka cire ta daga ribarka a matsayin asara ba, domin ba bashin ciniki ba ne. In kuwa ka ce na yafe maka amma ka yi min aikin shekara ba albashi, to ba yafiya ba ce, lada ne ka biya tun gaba.

Maman Ummi: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta ɗan bambanta, ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida a nan wajen Gumel, 'ya'yan yayata biyu ne ke taya ni suya da matsa, ba na ba su kuɗi a wata sai dai ci da sha da sabulu da ɗinkin sallah, kuma ni ce zan yi musu kayan ɗaki in aure ya zo. Sannan ɗana da ke Legas yana turo min N40,000 duk wata. Wata maƙwabciyata ta ce min tunda duk wata yake shigowa gwamnati za ta ce albashi ne. Hankalina ya tashi wlh har na ce masa ya daina turowa ta banki ya riƙa ba direba.

Ɗan Auyo: Hajiya ai kin ji abin da Baba ya ce, in duk wata ne cif to albashi ne.

Tsohon Akawu: A'a Ɗan Auyo ban ce haka ba. Zuwan kuɗi duk wata alama ce kawai da ke sa a yi tambaya, abin da ke mayar da shi albashi shi ne aiki. Hajiya wane aiki kike yi wa ɗanki? Babu. Ɗa ne ke ciyar da mahaifiyarsa daga abin da ya riga ya samu, in ma'aikaci ne ma an riga an cire masa haraji kafin ya shigo hannunsa. Ki ce ya ci gaba da turowa ta banki, ya fi aminci a kan a ba direba, kuma sunansa da ke fitowa a alat ɗin shi ne shaidarki. Ba a cire harajin kuɗin shiga kai tsaye daga akawun don kuɗi ya shigo.

Maganar yaran kuwa, wannan riƙo ne irin na gida, ba wanda zai ce ki yanka wa kanki harajin tuwon da suka ci. Sai dai ki sani kayan ɗakin da za ki yi musu ba kuɗin sana'a ba ne, hidimarki ce ta uwa. Kuma in ribarki a shekara ba ta wuce N800,000 ba babu abin da ke kanki tun farko.

Maman Ummi: Alhamdulillah, Allah ya saka da alheri Baba. Amma bari in faɗa wa Baban Khalifa wata magana a matsayina na babbar yaya, ka bar batun gwamnati ma. Yaron nan yana tsaye a kan injinka cikin ƙura da ƙara tun safe, in ka ce kyauta kake ba shi to kullum shi mai karɓar alfarma ne, ba shi da bakin cewa Yaya kuɗin ya yi kaɗan, ranar da kuka saɓa kuma sai a ce ai ciyar da shi ake yi. In ka ce albashinsa ne ka ba shi mutuncinsa, matarsa ma ta san mijinta aiki yake yi. Na ga gidajen da wannan ya raba.

Baban Khalifa: Wannan gaskiya ne Hajiya, na karɓa. Baba Akawu to in na mayar da shi albashi me zan yi a aikace? Kuma N12,500 ɗin nan ni zan biya ko shi?

Tsohon Akawu: Harajinsa ne amma kai doka ta ɗora wa cirewa da kaiwa, shi ne ake kira PAYE. Ka je ofishin harajin jiha mafi kusa ka yi rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata, shi kuma lambar NIN ɗinsa ita ake amfani da ita wajen lambar harajinsa. Duk wata ka cire N12,500 ka tura masa N137,500, abin da ka cire ka biya kafin 10 ga watan da ke biye ka ajiye rasit. A watan Janairu ka kai jerin abin da ka biya kowane ma'aikaci a shekarar da ta wuce, naka na kanka kuma kafin ƙarshen Maris. In ba ka cire ba kai za a bi ba shi ba, har da tara. In ba ka son abin da ke shiga hannunsa ya ragu sai ka ɗan ƙara albashin yadda bayan an cire zai tashi da abin da ya saba, ƙarin ma yana cikin kuɗin da inji ya kashe.

Ka sayi littafi guda na albashi kawai, suna, wata, adadi, abin da aka cire, sa hannu. Kuma don Allah ka raba akawun, na inji daban naka daban. Albashi ya fita daga na inji, gudummawar aure da taimako da bashin zumunci su fita daga naka. Wannan kaɗai yana kashe rabin tambayoyin da za a yi maka. In yana biyan hayar gida ya ajiye shaida, ana rage masa kashi 20 na kuɗin hayar daga abin da za a lissafa wa haraji, iyakarsa N500,000.

Mai POS Ringim: Baba ni yaron shagona ɗan ƙanwata ne amma a wani ƙauye yake kwana ta ɓangaren Kano, shagon kuma a Jigawa. Wa zan ba?

Tsohon Akawu: Jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke da harajinsa ba inda shago yake ba. Amma in abin da kake ba shi bai wuce mafi ƙarancin albashi ba babu abin cirewa, ka dai rubuta kana biyansa.

Garba Direba: Ni har yanzu ban gamsu ba. Lissafin Baba ya yi kyau a takarda amma ya ɗauka cewa Alhaji zai faɗi ribarsa ta gaskiya miliyan shida. Wanda aka yanka wa ƙiyasi kaɗan ya biya ya karɓi takardarsa fa, in ya buɗe littafi ba ƙara masa za a yi ba? Kuma watannin baya da bai cire komai ba in ya je rajista ba za su ce ya biya su ba?

Tsohon Akawu: Za su iya tambayar na baya, ba zan ɓoye maka ba, kuma na shekarun kafin 2026 da tsohon lissafi za a yi shi ba wannan da na kawo ba. Shi ya sa zan ce Baban Khalifa ya zauna da akawu ya duba takardun bankinsa kafin ya je. Amma ni ba zan ba mutum shawarar ya ɓoye riba ba, balle wanda ke son ya yi ciniki da masu neman takarda, domin su ma suna rubuta abin da suka biya shi a nasu littafin.

Garba Direba: Toh kowa da yadda ya gani. Ni dai na san waɗanda suka kai kansu suka dawo suna da-na-sani.

Baban Khalifa: Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da muhimmanci ba. Miliyan biyun nan, da muka yi magana a gaban Hajiyarmu na ce masa in Allah ya sa noman ya yi kyau shanshera ɗin da ya girbe ni zai sayar wa, kuma ya ba ni kashi ɗaya cikin uku na ribar. Har yanzu bashi ne?

Malam Na Tsangaya: A'a Alhaji tsaya. In bashi ne ba ka da ko sisi a kan uwar kuɗinka, duk bashin da ya jawo amfani da sharaɗi riba ce ta haram. In kuma jari ka zuba a raba riba to in aka yi asara kai ma ta shafe ka, ba za ka ce ya biya ka miliyan biyu cif ba. Dole ka zaɓi ɗaya.

Tsohon Akawu: A wajen haraji ma ya canza. Uwar kuɗin in ta dawo babu komai a kanta ko ta wace hanya, amma kashi ɗaya cikin ukun nan kuɗin shiga ne a wajenka, za ka haɗa shi da ribar inji. Shanshera kuma in ka saya a wajensa ka saya a farashin kasuwar ranar ka rubuta buhu nawa, kar ya ba ka da araha a madadin bashin ba tare da an rubuta ba. Sai dai ni ina ganin tunda akwai sharaɗin sayar maka da amfanin gona, akwai mai cewa wannan kuɗin sari ne ka bayar tun gaba kamar yadda masu inji ke ba manoma, in haka ne kuwa ya shiga littafin inji kuma hukuncin asararsa daban ne da na bashin zumunci. Ya danganta da abin da kuka ƙulla a ranar, kuma ku biyu da Hajiya ne kuka sani.

Baban Khalifa: Toh. Ni a raina bashi na ba shi, maganar kashi ɗaya cikin uku daga baya ta shigo, amma ban san shi yadda ya ɗauka ba. Bari in same shi gobe bayan an tashi daga inji mu je wajen Hajiya tare. Baba Akawu in mun daidaita zan turo maka abin da muka rubuta ta akwatin sirri ka duba min kafin mu sa hannu.

Tsohon Akawu: Ba damuwa, ka haɗo da takardar banki ta watan da ka tura kuɗin.